Probe, slams, bid: Abin da kanun labarai ke nufi ba shi ne na ƙamus ba

Ranar Lahadi 16 ga Afrilun 2023, Kwamishinan INEC na Jihar Adamawa, Hudu Yunusa Ari, ya ayyana Sanata Aishatu Binani a matsayin zaɓaɓɓiyar gwamna a Yola, alhali ba a kammala tattara sakamako ba. Hukumar ta soke sanarwar, kuma ranar 18 ga watan aka ayyana Ahmadu Fintiri. A makon nan masu karatun tsaye a teburan jarida na Jimeta sun sha cin karo da kalma guda: probe.

A Turancin yau da kullum, kalmar na nufin tsinken ƙarfen da likita ke laluben rauni da shi. A kanun labari kuwa bincike ce kawai. Editoci na son ta ne saboda haruffanta 5, ita kuwa investigation 13, ga fili ƙanƙane. Sai dai gajartar tana haɗiye abin da hadimin da ke shirya wa maigidansa taƙaitaccen rahoton safe ya fi bukata, wato wane ne ke binciken, kuma da wane iko. Binciken 'yan sanda na iya kaiwa kotu. Na kwamitin majalisa yakan ƙare ne da rahoto da shawarwari, ba ya ɗaure kowa.

A batun Ari, matakan sun zo ɗaya bayan ɗaya: dakatarwa a Afrilu, kamun 'yan sanda a Mayu, sannan INEC ta shigar da tuhume-tuhume a Babbar Kotun Yola a watan Yuli. Hadimin da ya ga probe a Afrilu ya rubuta “an same shi da laifi” ya tsallake duk waɗannan, ya kuma jefa ofishinsa cikin haɗarin ƙarar ɓata suna.

Slams ta fi wayo. Asalinta banko ƙofa ne, amma idan sunan mutum ko jam'iyya ya biyo ta kai tsaye, suka ce, wadda sau da yawa ba ta wuce sanarwar da kakaki ya sa wa hannu ba. Jaridun Najeriya sun ƙara mata aiki na biyu: idan tara ko tuhuma ce ta biyo baya tare da on, to an ɗora wa wani hukunci ko caji ke nan. Wannan ƙaramar on ita ce bambancin cacar baka da takardar kotu.

Ita bid, ma'aikacin sashen saye ya san ta a matsayin takardar neman kwangila ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007. A shafin siyasa yunƙuri ce, kamar neman kujerar da Binani ta yi, kuma kalmar ba ta faɗin ko an yi nasara. Wannan sai an sauka zuwa sakin layi na farko.