Shafinka na Farko da HTML: Daga Notepad Zuwa Burauza

Mutane da yawa suna zaton sai da wata manhaja mai tsada, ko data mai yawa, ake iya gina shafin intanet. Alhali asalin shafi fayil ne na rubutu zalla, irin wanda ake bugawa a Notepad, kuma ana iya rubuta shi a buɗe shi ba tare da ko ɗigon data ba. Abin da ya raba shi da wasiƙa shi ne wasu alamomi da ake sakawa a tsakanin kalmomi, masu gaya wa burauza cewa nan kanun magana ne, nan sakin layi, nan kuma hoto. Tsarin waɗannan alamomi shi ake kira HTML. Tim Berners-Lee ne ya ƙirƙiro shi a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Geneva, a wajajen 1990, kuma har yau kowane shafi da Chrome ko Firefox ke nuna maka a kansa yake zaune.

Aikin na mutum biyu ne, kai da burauza. Kai ne mai rubutu, ita kuwa karatu ne nata. Ba ta san abin da ke ranka ba, abin da ke cikin fayil kaɗai take bi. Wanda ya riƙe wannan tun farko, yawancin matsalolin da ke gaba ba za su ɗaure masa kai ba.

Mu ɗauki misalin tela mai son shafin da zai nuna irin ɗinkin da yake yi. Da farko a buɗe sabuwar folda a kwamfuta, a sa mata suna `shago`, domin duk abin da ya shafi shafin a nan zai zauna. Daga nan a buɗe Notepad. Kada a yi amfani da Word, don shi yana cusa nasa bayanan na ado a cikin fayil, waɗanda burauza ba ta ganewa. Mai kwamfutar Mac yana da TextEdit, amma sai ya shiga Format ya zaɓi Make Plain Text kafin ya fara. Ga abin da za a buga:

```html
<!DOCTYPE html>
<html lang="ha">
<head>
  <meta charset="utf-8">
  <title>Shagon Ɗinki</title>
</head>
<body>
  <h1>Barka da zuwa</h1>
  <p>Muna ɗinka kaftani da babbar riga.</p>
</body>
</html>
```

Dubi layin da ya fara da `<p>`. Wannan alama ce ta buɗewa, ita ke cewa sakin layi ya fara. A ƙarshen jimlar kuma akwai `</p>`, mai ɗauke da karkataccen layi, ita ke cewa ya ƙare. Duk abin da ke tsakaninsu burauza za ta jera shi a matsayin sakin layi guda. Haka `<h1>` take, sai dai ita babban kanu take yi, shi ya sa rubutun cikinta ke fitowa da girma da kauri. Alamomin kamar allin da tela ke zanawa a kan yadi suke: su ke nuna inda za a yanka da inda za a ɗinke, amma mai sanye da rigar ba ya ganinsu.

Sauran layukan tsarin shafin ne. Na farkon, `<!DOCTYPE html>`, yana sanar da burauza ta bi ƙa'idojin zamani, don in babu shi takan koma ga wasu tsofaffin halaye na jera shafi. Alamar `<html>` ta rungume komai, kuma `lang="ha"` da ke jikinta na nuna cewa harshen shafin Hausa ne. A cikinta akwai sassa biyu. Sashen `<head>` bayani ne game da shafin, ba a ganinsa a fili, in ban da `<title>` da ke fitowa can sama a kan ɗan kunnen shafin. Sashen `<body>` kuwa shi ne duk abin da baƙo zai gani. Ka lura yadda alamomin ke shiga cikin juna: wadda aka buɗe daga baya ita ake fara rufewa. Tazarar da aka bari a farkon wasu layuka don sauƙin karatunka ne kawai, burauza ba ruwanta da ita.

Wurin ajiyewa ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. A shiga File, a zaɓi Save As, a nemo foldar `shago`. A gurbin suna a rubuta `index.html`. A ƙasansa, inda aka rubuta Save as type, a mai da shi All Files, sannan a tabbatar Encoding yana kan UTF-8. Idan aka bar shi a kan Text Documents, Notepad na iya liƙa wa sunan wutsiyar `.txt`, fayil ya zama `index.html.txt`. Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne Windows na ɓoye wutsiyar fayil, don haka a folda `index.html` za ka gani, ka ɗauka komai lafiya. Gane wannan ba wuya: in ka danna fayil sau biyu ya buɗe a Notepad maimakon burauza, wutsiyar ce. A Windows 10 sai a shiga View a cikin File Explorer a kunna File name extensions, cikakken sunan ya bayyana, a goge `.txt` ɗin.

Idan sunan ya yi daidai, danna shi sau biyu zai buɗe burauza, ka ga "Barka da zuwa" da manyan baƙaƙe, jimlar tela na ƙarƙashinsa. Yanzu koma Notepad ka ƙara jerin kaya a ƙasan sakin layin, kafin `</body>`:

```html
<h2>Abin da muke ɗinkawa</h2>
<ul>
  <li>Kaftani</li>
  <li>Riga da zane</li>
  <li>Kayan makaranta</li>
</ul>
```

Ka leƙa burauza, za ka tarar babu abin da ya canza. Dalili kuwa, abin da ka buga yana cikin Notepad ne, bai sauka cikin fayil ba tukuna, ita kuma burauza tsohon karatunta take nuna maka. Sai ka danna Ctrl+S a Notepad, ka koma burauza ka danna F5 don ta sake karantawa. Nan take jerin zai fito, kowane `<li>` da ɗigonsa a gaba. Gyara, ajiye, sabunta: haka aikin yake tafiya daga farko har ƙarshe. Duk lokacin da ka yi shakkar ko gyaranka ya isa, danna Ctrl+U a burauza, za ta nuna maka ainihin rubutun da ta karanta. In gyaran ba ya ciki, ko dai ba ka ajiye ba, ko kuma wani kwafin fayil ɗin kake gyarawa a wata folda.

Akwai hali guda na burauza da ya kamata a sani da wuri: ba ta yin ƙorafi. In ka yi kuskure ba za ta ce maka uffan ba, sai ta yi canke ta ci gaba. Gwada da gangan ka goge `</h1>`, ka ajiye, ka sabunta. Za ka ga jimlar kaftani ita ma ta kumbura ta yi kauri, domin a wurin burauza kanun bai ƙare ba. Saboda haka in shafi ya lalace, nemi daidai wurin da lalacewar ta fara, ka duba alamar da ke gabansa. Haka nan in ka danna Enter sau biyar a tsakiyar sakin layi don ka ba da fili, burauza za ta dunƙule su duka su zama tazara ɗaya. Mai son sabon sakin layi sai ya buɗe sabuwar `<p>`.

Layin `<meta charset="utf-8">` ya fi shafar mai rubutu da Hausa fiye da mai rubutu da Turanci. Kwamfuta lambobi take ajiyewa a madadin haruffa, kuma akwai tsari fiye da ɗaya na cewa wace lamba ce wane harafi. A tsarin UTF-8, harafi irin a ko b gurbi ɗaya yake ci, amma ƙ da ɗ da ɓ kowannensu biyu yake ci. Idan burauza ta karanta fayil da tsohon tsarin Yammacin Turai, sai ta ɗauki guraben biyu a matsayin haruffa biyu daban. A nan ne ƙ ke komawa `Æ™`, kalmar ƙasa ta fito `Æ™asa`. Wanda ya ga irin wannan, rubutunsa na nan lafiya, karatun ne ya karkace, kuma wancan layin zai gyara shi. Wasu burauzoji kan canki tsarin daidai muddin fayil na kan kwamfutarka, don haka rashin layin ba ya nunawa sai shafin ya fita waje. Kada ganin komai lafiya ya sa ka cire shi.

Matsala ta biyu ta fi wannan muni. In aka ajiye fayil da Encoding a kan ANSI, wanda shi ne zaɓin tsofaffin Notepad kafin 2019, haruffa masu ƙugiya ba su da gurbi a wannan tsari ko kaɗan. Notepad kan yi gargaɗi, in aka yi biris da shi sai a tarar da alamar tambaya ko wani harafi a wurinsu. Wannan kam ba layin da zai dawo da su, sai an sake buga su an ajiye da UTF-8.

Saura hoto. Sa hoton riga a cikin foldar `shago`, ka ba shi suna `riga.jpg`, ka ƙara wannan layi a cikin `<body>`:

```html
<img src="riga.jpg" alt="Babbar riga mai aiki" width="300">
```

Alamar `<img>` ba ta da abokiyar rufewa, don ba ta ɗauke da rubutu a cikinta. Hoton kuma ba ya shiga cikin shafin, `src` kwatance ne kawai na inda za a same shi, kuma daga foldar da shafin yake burauza ke fara nema. In ba ta same shi ba, sai ta nuna ɗan tambarin karyayyen hoto tare da rubutun da ke cikin `alt`, wanda shi ne kuma manhajar makafi ke karanta musu. Sau da yawa laifin na suna ne: hoton `riga.jpeg` ne ko `riga.png`, kai kuma ka rubuta `riga.jpg`. Ka saba da sa sunaye da ƙananan baƙaƙe, ba tazara, ba ƙugiya. Windows ba ya bambanta `Riga.jpg` da `riga.jpg`, amma yawancin kwamfutocin da ake ɗora shafuka a kansu Linux suke amfani da shi, shi kuwa yana bambantawa. Hoton da ya fito a gida sai ya ɓace a can.

A ƙarshe ka dubi adireshin da ke saman burauza. Hanyar fayil ce a cikin kwamfutarka, wadda cikakkiyarta ke farawa da `file:///`, ba `https://` ba. Ma'ana shafin bai bar ɗakinka ba. In ka kwafi adireshin ka tura wa aboki ta WhatsApp, ba abin da zai buɗe masa, don fayil ɗin ba ya wayarsa. Kafin duniya ta gani sai an ɗora foldar gaba ɗayanta, da hoton da komai, a kan kwamfutar da ke haɗe da intanet dare da rana. A can ne sunan `index.html` zai yi amfaninsa, domin shi ne fayil ɗin da aka saba miƙa wa baƙon da ya rubuta adireshin shafi bai ambaci sunan wani fayil ba.