Jabu, Rarar Masana'anta, da Wayar da Aka Sabunta

A shagunan waya na Bosso, inda ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna suke yawan ciniki, magana ta yaɗu cewa duk wayar da kuɗinta ya gaza na babban dillali jabu ce, alhali kuwa nau'i huɗu ne aka cuɗa, kuma hukuncin kowanne daban ne a babin ciniki.

Jabu ita ce wadda wani ya ƙera, ya liƙa mata sunan kamfanin da bai yi masa izini ba. Wannan algus ne tsantsa. Amma zancen cewa duk ƙirar ƙasar Sin jabu ce ba shi da asali, domin Tecno da Itel na kamfanin Transsion ne na Shenzhen, kuma galibin iPhone ma a ƙasar Sin aka daɗe ana harhaɗa su.

Rarar masana'anta kuwa, wato abin da masana'antar da aka bai wa kwangila ta ƙera fiye da adadin da aka sharɗanta mata, ta sayar a ɓoye, haƙiƙa akwai ta a tufafi da takalma. Sai dai a waya da wuya ta tabbata, saboda kowacce tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15 da kamfani ya rubuta a kundinsa. A ganina, wanda ya ce maka wayarsa rara ce, galibi jabu ya yi wa ado da suna. Danna `*#06#` ka gwada lambar da ta jikin kwali. Saɓani hujja ce a kan mai sayarwa, amma dacewa ba ta wadatar ba, tunda masu jabu suna kwafar lamba.

Wadda ɗan kasuwa ya shigo da ita ta bayan dillalin da kamfani ya naɗa ta asali ce, illa dai an yi ta ne domin wata ƙasa: iPhone 14 ta Amurka, ta 2022, mai `LL/A` a ƙarshen lambar samfurinta, ba ta da gurbin sa layi, wata ma tana kulle ga kamfanin sadarwa na can, garantinta kuma ba lallai a karɓe shi a nan ba.

Inda shubuha ta fi yawa shi ne sabuntawa. 'Yar Landan ta hannu ce kawai. Wadda Apple ya sabunta da kansa an sauya mata batir da gangar jiki, an ba ta garantin shekara guda, kuma a `Settings > General > About` lambar samfurinta tana farawa da `F`, sabuwa kuwa da `M`. A wurin nan ne asirin iPhone XR da aka sa wa rigar 13 Pro yake tonuwa, domin sunan XR zai bayyana, kuma cikin idanun kyamara ukun da ke bayanta ɗaya kaɗai yake ɗaukar hoto.