Idan Tallarka Ta Gundiri Mutane

Tuwo ko mai daɗi ne, idan aka yi ta kawo shi safe, rana da dare, sai ya fita rai. Haka talla take a Facebook da Instagram.

A ce wata mai sayar da atamfa ta biya kuɗin talla. Bayan mako guda ta buɗe Ads Manager, ta ga an nuna tallar sau 60,000, wato Impressions, amma mutum 10,000 kacal ta kai wa, wato Reach. Idan ta raba na farko da na biyu, shida za ta samu. Wannan shi ne Frequency: kowane mutum ya gan ta kusan sau shida. Ƙiyasi ne fa, domin wani sau biyu ya gani, wani kuwa sau ashirin.

Shidan kaɗai ba ya nuna an gaji. Abin dubawa shi ne idan lambar tana hawa, masu latsa tallar suna raguwa, kuɗin da take kashewa kafin ta samu mai saye ɗaya kuma yana ƙaruwa. Sai kuma ta fara ganin ana rubuto mata "kun dame mu".

Magani shi ne ƙayyade nunawa, misali sau biyu ga mutum ɗaya cikin kwana bakwai. Sai dai wanda ke da shafi biyu ana iya ƙirga shi mutum biyu. Idan masu kallon sun yi kaɗan, ki faɗaɗa yankin, ki kuma sauya hoton.