Me ya sa ɗalibi ke cin jarrabawa amma aiki ya gagare shi?

Ƙorafi ne da aka saba ji a ofisoshi da kasuwanni: an ɗauki matashi mai digiri a fannin akanta, takardarsa ta nuna ya ci kwas ɗin da maki mai kyau, amma da aka miƙa masa littafin kuɗin shago da takardar bayanin asusu daga banki aka ce ya gano dalilin da ya sa alƙalumansu suka saɓa, sai ya tsaya yana kallo. Galibi akan ɗora laifin a kan lalacin ɗalibi ko sakacin malami. Sai dai masana koyarwa a jami'a sun nuna cewa sau da yawa matsalar tana cikin tsarin kwas ɗin ne: abin da aka ce ɗalibi zai iya daban, abin da aka sa shi yi a aji daban, abin da aka tambaye shi a jarrabawa kuma daban.

Asalin tunanin

Wanda ya fi shahara da bayanin wannan matsala shi ne Farfesa John Biggs, masanin halayyar koyo ɗan ƙasar Ostireliya. A shekarar 1994, yana koyar da wasu malaman makaranta da ke karatun digiri a fannin ilimi a Jami'ar Hong Kong, sai ya sauya yadda yake auna su. Maimakon jarrabawar da aka saba, ya nemi kowannensu ya tattaro hujjojin da ke nuna cewa abin da ya koya ya canza yadda yake koyarwa a ajinsa. Da ɗaliban suka fahimci abin da za a auna su da shi, sai yadda suke karatu ya canza, domin hadda ba za ta fisshe su ba. Daga wannan ne ya rubuta maƙalar da aka wallafa a 1996, sannan ya faɗaɗa bayanin a littafinsa na 1999 kan koyarwa a jami'a.

Sunan da ya ba tsarin ya ƙunshi ma'ana biyu: gini da daidaito. Gini na nufin ba a ɗura wa ɗalibi ilimi kamar yadda ake ɗura ruwa a tulu. Shi ne ke gina fahimtarsa ta hanyar abin da yake aikatawa. Daidaito kuwa aikin malami ne: ya tabbatar da cewa manufar kwas, da ayyukan aji, da hanyar aunawa duk sun fuskanci alƙibla ɗaya. Kamar duwatsun murhu uku ne, idan ɗaya ya goce tukunya ba za ta zauna ba.

Akwai dalilin da ya sa jarrabawa ta fi sauran biyun ƙarfi. Malami yana kallon jarrabawa a matsayin abin da ke zuwa a ƙarshen zango, ɗalibi kuwa da ita yake farawa. Tun makon farko yake neman tambayoyin shekarun baya, kuma abin da ya gani a cikinsu shi ne ainihin manhajarsa. Idan tambayoyin hadda suke nema, zai haddace, ko da malami ya shafe zango yana kiran a yi tunani.

Kalmar aikatau ita ce mabuɗi

Mataki na farko shi ne a rubuta manufar kwas da kalmar da ke nuna aikin da ido zai iya gani. Jimla irin “ɗalibi zai fahimci daidaita littafin kuɗi da bayanin banki” ba ta wadatar ba, domin babu wanda ya san yadda fahimta take kama a kan takarda. Wanda ya haddace ma'anar zai ce ya fahimta, wanda ya iya aikin ma zai ce ya fahimta. Amma idan aka rubuta cewa “ɗalibi zai daidaita littafin kuɗi da bayanin banki, ya kuma bayyana dalilin kowane saɓani”, to an sami kalmomi biyu da za a riƙe: daidaita da bayyana dalili. Su ne ya kamata a gani a ayyukan aji, su ne kuma ya kamata a gani a takardar jarrabawa.

Misali daga ajin akanta

A ɗauka wata malama ce ke koyar da kwas ɗin akanta na shekarar farko, awa biyu a mako na tsawon mako 15, kuma ta ware mako biyu ga wannan batu, wato awa huɗu.

A tsarin da ya goce, za ta cinye awa huɗun tana lacca, ɗalibai suna kwafar ma'anoni da jerin dalilan saɓani. A jarrabawa kuma tambayar za ta kasance: “Kawo dalilai biyar da ke sa littafin kuɗi ya saɓa da bayanin banki.” Ɗalibi zai iya samun cikakken maki ba tare da ya taɓa riƙe takardar banki ba. Manufa ta ce daidaita, aji ya ce kwafa, jarrabawa ta ce lissafo.

A tsarin da ya daidaita, malamar za ta yi bayani na awa ɗaya, ragowar ukun ɗalibai su yi aikin da kansu. Za ta raba musu takardu biyu na wani shagon kirki da ta ƙirƙira. Littafin kuɗin shagon ya nuna akwai Naira 850,000 a banki a ƙarshen wata, bayanin banki kuma ya nuna Naira 910,000. Ba za ta faɗa musu inda bambancin Naira 60,000 ya fito ba, su ne za su bi layi-layi su gano.

Abubuwa uku za su tarar. Mai shagon ya rubuta wa wani dila cak na Naira 120,000, ya cire kuɗin a littafinsa, amma dilan bai kai cak ɗin banki ba tukuna. Ya kuma kai ajiyar Naira 45,000 a ranar ƙarshe ta wata, wadda bankin bai shigar ba sai a sabon wata. Sannan bankin ya cire cajinsa na Naira 15,000, wanda mai shagon bai rubuta ba.

A nan ne ake gane wanda ya iya. Cajin banki kuɗi ne da ya riga ya fita, don haka littafin shago ne za a gyara: a cire 15,000 daga 850,000, saura 835,000. Cak ɗin da ajiyar kuwa littafin ya rubuta su daidai, banki ne bai cim musu ba, don haka a ɓangaren banki ake lissafa su: a cire 120,000 daga 910,000, a ƙara 45,000, sai a sami 835,000. Ɓangarorin biyu sun haɗu. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su sake cire kuɗin cak ɗin daga littafin shago, wato su cire shi sau biyu. Malamar ba za ta taɓa ganin wannan kuskure a lacca ba. Sai ɗalibai suna aikin take ganinsa, ta gyara shi tun kafin jarrabawa.

A jarrabawa, sai ta kawo wasu takardun da alƙaluma daban, har da abin da ba su gani a aji ba, kamar kuɗin da wani abokin ciniki ya tura kai-tsaye cikin asusu ba tare da sanin mai shago ba. Rabon makin ma ya bi manufa. Idan tambayar tana da maki 20, za ta iya ba da 6 ga gano abubuwan da suka jawo saɓani, 8 ga sanya kowanne a ɓangaren da ya dace, 6 kuma ga bayanin dalili. Tana kuma sanar da ɗalibai wannan rabo tun farko, domin a wannan tsari ba a ɓoye ma'auni.

Yadda ake gane kwas ya goce

Gwajin ba ya buƙatar ƙwarewa ta musamman, shugaban sashe ko mai duba jarrabawa daga waje zai iya yin sa cikin ɗan lokaci. A ajiye takardar manufofin kwas kusa da tambayoyin jarrabawar bara, a ja layi a ƙarƙashin kalmomin aikatau na kowacce, sannan a tara makin. Idan manufofin suna cewa daidaita, tantance, warware, amma mafi yawan makin yana kan kawo ma'ana da lissafo, to kwas ɗin ya goce. Haka nan idan akwai manufar da babu ko tambaya ɗaya a kanta, ɗalibai za su yi watsi da ita, kuma ba su yi wauta ba. Wata alamar ita ce aji ya riƙa raguwa amma sakamako bai faɗi ba, domin hakan na iya nuna cewa takardun lacca kaɗai sun isa a ci jarrabawar.

Batun ya shafi Najeriya kai-tsaye. A watan Disamba na 2022, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabon kundin manhaja mai suna CCMAS, wanda ya tanadi kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30. A cikinsa an jera wa kwasa-kwasai abin da ake sa ran ɗalibi zai iya yi idan ya kammala. Wannan dutse ɗaya ne daga cikin ukun. Ayyukan aji da tambayoyin jarrabawa suna hannun malami da sashensa, kuma a jami'o'i da dama jarrabawar ƙarshen zango ce ke ɗauke da kashi 70 na maki, ayyukan cikin zango kuma 30. Saboda haka irin tambayoyin da ke cikin wannan takarda guda su ne ke yanke hukuncin abin da ɗalibi zai koya.

Iyakokin tsarin

Na farko shi ne yawan ɗalibai. Duba amsar “kawo dalilai biyar” ba ya ɗaukar lokaci, amma bin lissafin kowane ɗalibi da bayaninsa aiki ne babba. Ajin mutum 400, ko minti biyar aka ba kowace takarda, ya haura awa 33 a kan tambaya ɗaya. Malamai kan rage nauyin ta hanyar sa ɗalibai su yi atisayen aji bibbiyu, su duba aikin juna da ma'aunin da aka ba su, sannan a bar wa malami duba na jarrabawa.

Na biyu, daidaito ba shi ne inganci ba. Kwas ɗin da manufarsa hadda ce, ajinsa hadda, jarrabawarsa hadda, ya daidaita sarai, amma a kan ƙaramin buri. Dole manufar kanta ta kai matsayin da ya dace da digiri.

Na uku, masu sukar tsarin na cewa yana iya zama cike takarda kawai, a liƙa kalmomi masu daɗin ji domin masu tantance jami'a, aji kuma ya ci gaba yadda yake. Suna kuma cewa ƙayyade komai tun farko na iya toshe abin da ɗalibi zai gano wanda malami bai yi zato ba. Biggs da kansa ya amince akwai sakamako mai kyau da ba a tsara ba, shi ya sa ya fi son ayyukan da ke barin ɗalibi ya kawo nasa hujjojin.

Ga mai ɗaukar ma'aikata ko uban da ke biyan kuɗin makaranta, tambayar da ta fi “maki nawa ka ci?” amfani ita ce: “me aka sa ka yi kafin a ba ka makin?” Idan amsar ita ce an ba shi takardu biyu da suka saɓa ya daidaita su, to akwai dalilin miƙa masa littafin shago.