Modam Kafin Rawuta

A ɗakin karatunmu na lura da abu guda: wutar lantarki ta ɗauke ta dawo, fitilun na'urori duk sun kama, amma intanet shiru. Ga dalili. Modam, mai karɓo intanet daga waje, yakan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ya haɗu da kamfani. Ita kuwa rawuta, mai rarraba shi ga wayoyinmu, takan riga shi farkawa. Sai ta nemi adireshin IP ta rasa, wata ma ta maƙale haka nan.

Ni nakan zare su duka daga soket, in jira daƙiƙa 30. Daga nan in kunna modam shi kaɗai. Sai fitilarsa ta haɗi ta daina ƙyaftawa sannan in kunna rawuta. Kada dai ku danna maɓallin Reset, goge saitin yake yi gaba ɗaya.