Hoton ƙirji: inda idon likita ke fara sauka da inda yake ƙarewa

Hoton ƙirji hoton inuwa ne. Hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a shekarar 1895 yana ratsa iska cikin sauƙi, shi ya sa huhu mai cike da iska yake fitowa baƙi. Ƙashi yana tare hasken, sai ya fito fari. Tsoka da jini da ruwa suna tsakani, launin toka mai haske, kuma hoton ba ya bambance su: jini da mugunya da ruwa duk kamanninsu ɗaya. Da waɗannan 'yan launuka ake karanta komai, kuma ido ba ya da haƙuri da su. Da ya hango wani babban abu sai ya tsaya a kai, ya manta da sauran. Wannan ne dalilin da ake koya wa ɗaliban likitanci su bi hoton daki-daki, tsari ɗaya kullum, ko da matsalar ta bayyana tun daga bakin ƙofa.

A ce ɗan acaɓa ne ya faɗi a kan gefensa na dama, aka kawo shi yana riƙe da haƙarƙari, numfashi na yi masa zafi. An ɗauki hoto. Likita zai fara da gefen hoton: suna, kwanan wata, da harafin R ko L da ke nuna dama ko hagu. Ana kallon hoton ne tamkar mutumin na tsaye yana fuskantarka, don haka damarsa tana hagunka. Sai a duba ko an rubuta PA ko AP. A na farko majinyaci yana tsaye, ƙirjinsa manne da allon, haske ya shigo ta baya. Na biyu shi ake yi wa wanda ya kasa tashi, haske ya shigo ta gaba, kuma a nan zuciya takan fito da girman da ba nata ba saboda ta yi nisa da allon.

Akwai kuma tambayar ko hoton ya ɗauku da kyau. Idan mutum ya ja numfashi sosai, za a ƙirga haƙarƙari biyar zuwa shida ta gaba, ko takwas zuwa goma ta baya, kafin a kai shamakin naman da ya raba ƙirji da ciki. Ɗan acaɓanmu zafi ba zai bar shi ya cika huhu ba, saboda haka ƙasan huhunsa zai yi duhu-duhun fari kamar akwai ciwo alhali matsewa ce kawai. Idan kuma ya karkace, kawunan ƙasusuwan nan biyu da ke kwance ƙasan wuya ba za su yi nisa ɗaya da tsakiyar ƙashin baya ba, kuma komai na tsakiyar ƙirji zai zama kamar ya goce.

Daga nan sai hanyar iska. Maƙogwaro yana saukowa baƙi a tsakiya, ya ɗan karkata dama kaɗan, sannan ya rabu biyu. Inda ya karkata yana ba da labari mai yawa. Idan ɓangare guda na ƙirji ya yi fari fat, abu biyu ake fara zargi: ko ruwa ya cika wurin, ko huhun ya toshe ya motse. Ruwa mai yawa yana ture maƙogwaro zuwa ɗaya gefen, huhun da ya motse kuwa jawo shi yake yi zuwa gefensa. Maganinsu ya sha bamban, domin ruwa zuƙewa ake yi, toshewa kuwa sai an nemo abin da ya toshe. Af, reshen dama ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa, shi ya sa abin da aka shaƙa ya fi faɗawa can. Gyaɗar da yaro ya shaƙa ba ta fitowa a hoto, sai dai a ga huhu ɗaya ya fi ɗan'uwansa baƙi da kumbura.

Ƙasusuwa aikin haƙuri ne. Haƙarƙari goma sha biyu ne kowane gefe, kuma kowanne sai an bi shi da ido daga ƙashin baya har inda ya lanƙwaso gaba, ana neman tsaga ko tudu. A hotonmu, na shida da na bakwai a dama sun karye. To a nan ne tarkon yake. An ga abin da ya dace da kukan majinyaci, zuciya ta natsu, hannu ya kai ga takardar maganin zafi. A ganina karyewar haƙarƙari ita ce abu mafi ƙanƙanta a irin wannan hoto, domin yawanci da kanta take haɗewa cikin makonni shida ko makamancin haka. Amfaninta shi ne ta ce maka ka duba abin da ke ƙarƙashinta.

Huhu ana kwatanta shi ne da ɗan'uwansa, sama da sama, tsakiya da tsakiya, ƙasa da ƙasa. Lafiyayyen huhu ba baƙi ƙirin ba ne. Akwai siraran jijiyoyin jini da suka bazu daga tsakiya har kusan bangon ƙirji. A saman dama na ɗan acaɓan, jijiyoyin sun tsaya kafin su kai bango. Akwai wani siririn farin layi, bayansa kuma baƙi ne zalla babu zane ko ɗaya. Layin nan gefen huhu ne. Ƙashin da ya karye ya huda shi, iska ta fita ta zauna tsakaninsa da bangon ƙirji, huhun ya fara janyewa. Gefen allon kafaɗa ko naɗin fata na iya yin kama da wannan layi, amma a bayansu za a ci gaba da ganin jijiyoyi. Wannan saman huhun dai, bayan ƙasusuwan ƙasan wuya, nan ne tarin fuka ya fi son ɓuya a jikin manya, don haka wurin ya cancanci kallo biyu ko a wanda bai faɗi ba.

Zuciya awo ake yi mata. A hoton PA, faɗinta bai kamata ya wuce rabin faɗin cikin ƙirji ba. Gefunanta kuma su fito tsaf, domin ana ganin su ne kawai saboda huhu mai iska yana jingine da su. Idan gefen dama na zuciya ya ɓace, sashen tsakiya na huhun dama ne ya cika da wani abu, galibi nimoniya.

Shamakin ƙasa yana da kusurwa mai tsini a kowane gefe, kuma na dama ya ɗan fi tsayi, hanta tana ƙarƙashinsa. Sai ruwa ko jini ya kai kimanin mililita 200 kafin kusurwar ta dushe a hoton da aka ɗauka a tsaye. Ta ɗan acaɓan ta dushe a dama, wato wataƙila jini ya taru. Ƙarƙashin shamakin ma ana leƙawa: baƙin jinjirin iska a saman hanta alama ce ta hujewar hanji ko tumbi, abin da likitocinmu suka saba gani a zazzaɓin taifot da ya yi nisa.

Sakamakon hoton ya tashi daga karaya biyu zuwa karaya da iska da jini, kuma maganin ya tashi daga ƙwayoyi zuwa kwanciya a asibiti, mai yiwuwa da roba a ƙirji don fitar da abin da ya taru. Da a ce iskar ta matse har ta ture maƙogwaro hagu, jijiyoyin wuya suka kumbura, jini ya faɗi, ba a ma jiran hoto: allura ake sokawa a ƙirjin nan take a saki iskar, hoton ya biyo baya.