Buhun da ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba

Duk wanda ya taɓa kwance buhun wake a bazara ya tarar da shi ya zama gari, ya san cewa ɓarnar ba a rumbu ta faro ba. Tun a gona ƙwaron ke saka ƙwai. Tsutsar na ƙyanƙyashewa ta kutsa cikin ƙwayar, ta ci ta girma, cikin kusan wata guda ta fito ta bar rami, ita ma ta hau haihuwa. Shi ya sa manoma da 'yan kasuwa ke yayyafa fiya-fiya, abin da ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Mu kuwa a gida muka ci gaba da ci.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar guba ko kaɗan, wato buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, aka kuma soma yaɗa shi sosai daga 2007. Hawa uku gare shi: leda biyu masu kauri a ciki, sai buhu na waje mai ɗaukar wahalar dako. Idan an ɗaure shi tam, ƙwarin da ke ciki su ne ke shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu.

Sai dai buhun ba ya yafe ganganci. A ce Malam ya samu kwano arba'in. Da farko wake ya bushe ƙarau. A zuba kaɗan a busasshiyar kwalba da gishiri, a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya, domin wake mai laima fumfuna zai yi a cikin leda. A sheƙe shi da kyau, don tsinke ɗaya ya isa ya huda ledar. Kafin a zuba, a hura kowace leda a matse ta, a ji ko tana huci.

Wurin ɗauri ne aka fi yin kuskure. Mutane kan haɗa bakin ukun su ɗaure lokaci guda, su tafi. Ledar ciki ake fara matsewa a fitar da iska, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure. Sannan ta biyu, sannan na waje, kowanne daban. A ɗora buhun kan katako nesa da bango saboda ɓera.

Kuma ba buhun cefane ba ne da uwargida za ta riƙa ɗiba kullum, don kowace buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwari. A ware na tukunya a wani mazubi, wannan kuwa a bar shi sai ranar kai shi Dawanau.